Me Ya Sa Manhaja Take Ƙin Sabuntuwa a Tsohuwar Waya?

Daga wakilin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta

A wannan makon na zo muku da bayani a kan wata matsala da na tabbata ta taɓa faruwa a gidajen da yawa daga cikinmu. Za a buɗe manhaja a waya, sai ta ce ba za ta yi aiki ba sai an sabunta ta. A garzaya Play Store don a sabunta, sai a tarar babu wurin dannawa, sai dai wani rubutun Turanci. Ni ma ban san dalili ba sai da abin ya faru da kawuna.

Abin da ya faru da wayar Kawu

Kawuna manomi ne, yana noman rani a filayen ban ruwa na nan Auyo. Bayan ya yi girbin shinkafa, wani ɗan kasuwa daga Haɗeja ya zo ya ɗauki buhu goma sha biyu, ya ce ya tura kuɗi ta banki. Alat bai shigo ba, ga mota an riga an yi mata lodi. Kawu ya buɗe manhajar bankinsa don ya ga ko kuɗin sun shiga, sai ta ƙi wucewa, ta nuna masa Update kawai. Da yake ni nake karanta masa saƙonni, sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai ɗan boko, duba mini wannan abin." Na danna, ta kai ni Play Store, sai na ga an rubuta:

```
Your device isn't compatible with this version.
```

Ma'anarsa ita ce wayarka ba ta dace da wannan sabon zubin manhajar ba. Mun ɗauka data ce ta ƙare, muka sa kati. Muka goge hotuna da bidiyo, muka kashe wayar muka kunna. Duk a banza. Daga ƙarshe da lambar nan ta banki mai farawa da tauraro Kawu ya duba asusunsa, ya ga kuɗin sun shiga, sannan motar ta tashi.

Washegari na kwafi rubutun a bayan littafina na kai wa malaminmu na kwamfuta. Abin da ya koya mini, da wanda na gwada da hannuna, shi ne zan faɗa muku.

Baƙo da mai masauki

Manhajojin waya iri biyu ne. Akwai ƙanana waɗanda muke saukewa, kamar WhatsApp da Chrome da ta banki. Akwai kuma babbar manhaja, wadda wayar take zuwa da ita tun daga kamfani. A yawancin wayoyin da muke gani a Auyo da Haɗeja sunanta Android, kuma kamfanin Google ne yake kula da ita.

Malam ya ce in ɗauki ƙaramar manhaja kamar baƙo, Android kuma mai masauki. Baƙo ba ya shiga madafa ya ɗebi abinci da kansa, sai ya nema a kawo masa. Haka ita ma manhaja ba ta taɓa kyamara ko lasifika ko wurin ɗora yatsa da kanta. Idan tana son hoto, sai ta ce wa Android, "Buɗe mini kyamara." Idan saƙo ya shigo, sai ta ce, "Yi ƙara, ka nuna wa mai waya."

To kusan kowace shekara Google yana fitar da sabon Android, kuma kowane sabo yana zuwa da wasu hidimomi da na baya bai iya ba. Ga misali. A shekarar 2015 aka fitar da Android 6.0. Shi ne ya zo da hanya guda da kowace manhaja za ta bi ta nemi a duba zanen yatsan mutum. Shi ne kuma ya fara sa waya ta tsaya ta tambaye ka, "Ka yarda wannan manhajar ta yi amfani da kyamararka?" a daidai lokacin da take son yin hakan. Yanzu a ce manhaja ta je wa Android 5.0 na shekarar 2014 da buƙatar duba yatsa ta wannan hanyar. Ai bai ma san zancen ba. Idan masu manhajar ba su yi wani tanadi ba, sai ta rufe kanta nan take, ka ga ta dawo da kai fuskar waya.

Lambar da ake dubawa a ƙofa

Don kada hakan ta riƙa faruwa, sai aka ba kowane Android lamba, ana kiranta lambar API. Ba ita ce lambar da muke gani a jikin sunansa ba. Ga kaɗan daga ciki, da shekarar da suka fito:

Android 4.4, shekarar 2013, lamba 19
Android 5.0, shekarar 2014, lamba 21
Android 6.0, shekarar 2015, lamba 23
Android 7.0, shekarar 2016, lamba 24
Android 8.0, shekarar 2017, lamba 26
Android 10, shekarar 2019, lamba 29
Android 13, shekarar 2022, lamba 33

Su kuma masu haɗa manhaja suna rubuta mafi ƙarancin lambar da manhajarsu za ta yarda ta zauna a kai. Malam ya rubuta mini a allo yadda layin yake a cikin manhaja:

```
<uses-sdk android:minSdkVersion="26" />
```

Wato wannan manhajar tana cewa, daga lamba 26 zuwa sama kawai zan sauka. Shi kuma Play Store ya san lambar wayarka. Duk lokacin da ka nemi wata manhaja, sai ya haɗa lambobin biyu. Idan ta wayarka ta kai ko ta wuce, sai ya ba ka Install ko Update. Idan ba ta kai ba, sai ya nuna maka wancan rubutun, wani lokacin ma idan ka nemi manhajar ba za ta fito ba sam.

Lissafin wayar Kawu

Da na koma gida na karɓi wayar, na shiga Settings, na gangara ƙasa zuwa About phone, na duba Android version. Na ga 7.0. A jerin da ke sama, lambarsa 24 ke nan. Daga nan na ari wayar yayana wadda ta fi sabunta, na buɗe shafin manhajar bankin a Play Store, na danna About this app, na gangara har ƙasa. A layin Required OS an rubuta Android 8.0 and up, wato lamba 26. To 24 ba ta kai 26 ba. Wannan shi ne gaba ɗaya dalilin. Ba data ba ce, ba cikar waya ba ce, kuma wayar ba ta lalace ba.

Kawu ya ce, "To me ya sa WhatsApp yake yi lafiya lau?" Tambayar ta yi ma'ana, kuma amsarta tana cikin lissafin. Kowace manhaja da tata lambar. Daga ranar 24 ga Oktoba, 2023, WhatsApp ya daina aiki a kan Android 4.4 da na ƙasa da shi, ya ce sai 5.0 zuwa sama. Lambar 5.0 ita ce 21, ta wayar Kawu kuma 24, don haka ta tsallake. Masu wayoyin 4.4 kuwa, lamba 19, tun a lokacin aka bar su a baya.

Akwai kuma Chrome, wanda ake shiga intanet da shi. A ƙarshen shekarar 2023 zubinsa na 120 ya fara neman Android 8.0. Saboda haka a waya mai 7.0 Chrome yana tsayawa a zubi na 119. Yana buɗewa, ana shiga shafuka da shi, amma ba zai ƙara samun sabo ba.

Kun ga manhaja uku a waya ɗaya, kowace da halinta: ɗaya tana sabuntuwa, ɗaya ta tsaya cak amma tana aiki, ɗaya kuma ta ƙi buɗewa gaba ɗaya.

Me ya sa tsohon zubin ma ya daina aiki?

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. In dai sabon bai dace da wayar ba, me zai hana a bar Kawu da tsohon da yake amfani da shi tun da daɗewa?

Malam ya ce ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce ta Play Store da muka yi bayani. Ta biyu tana can wurin masu manhajar. Kuɗin Kawu ba a cikin wayarsa suke ba, lissafinsu yana cikin manyan kwamfutocin banki. Duk lokacin da ya buɗe manhajar, sai ta yi sallama da waɗancan kwamfutocin, ta faɗi zubinta. Idan masu ita sun yanke cewa tsohon zubi ya daina shiga, sai a amsa mata da cewa ta je ta sabunta. Ta je ƙofar farko kuma a ce wayar ba ta kai ba. Sai mutum ya tsaya a tsakiya, gaba tsini baya siyaki.

Shi ya sa manhajar da ba ta dogara da kwamfutocin wani ba, kamar ta lissafi ko ta kallon bidiyon da ke cikin memori, takan yi shekaru tana aiki a tsohuwar waya ba tare da ta nemi komai ba.

Dalilin ɗaga lambar

Ba mugunta ce take sa masu manhaja ɗaga lambarsu ba, duk da cewa mai ƙaramin ƙarfi ne yake shan wahalar. Dalilai biyu ne manya.

Na farko shi ne tsaro. Lokaci zuwa lokaci ana gano wata kafa a cikin Android wadda ɓarayin intanet za su iya bi su saci lambar sirri ko su karanta saƙonni. Google yana fitar da gyara, amma na 'yan shekaru kawai yake yi wa kowane Android, daga nan ya koma kan sababbi. A cikin About phone akwai layin da yake nuna ranar gyaran ƙarshe da waya ta samu, wasu wayoyin suna rubuta Android security patch level, wasu Android security update. A wayar Kawu ranar tana cikin shekarar 2018. Duk wata kafa da aka gano bayan nan tana nan a buɗe. Banki ba zai so kuɗin mutane su riƙa bi ta gidan da katangarsa ta zube ba.

Na biyu shi ne yawan aiki. Masu manhaja suna iya rubuta hanya biyu, su ce idan waya sabuwa ce a bi nan, idan tsohuwa ce a bi can. Suna yin hakan ma na tsawon shekaru. Amma kowace hanya sai an gwada ta a kan wayoyi kafin a fitar da sabon zubi, kuma gwaji yana cin lokaci da kuɗi. Idan suka duba suka ga masu tsohon Android sun ragu sosai, sai su rufe tsohuwar hanyar. Su kansu ba komai suke ƙerawa ba, suna aron wasu sassa daga wasu kamfanoni. Idan mai sashen ya ɗaga tasa lambar, dole wanda ya ara ya bi.

To a sabunta Android ɗin mana

Haka ni ma na ce wa Malam. Ya yi dariya ya ce in je in gwada. Na shiga Settings, na nemi System update, na danna. Wayar ta yi ɗan juyi, sai ta ce babu wani sabo.

Dalili shi ne sabon Android ba ya tasowa daga Google kai tsaye zuwa wayarka. Yana biyo hannu hannu ne. Da farko kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su MediaTek da Unisoc da Qualcomm, sai ya daidaita shi da kayansa. Sannan kamfanin da sunansa yake bayan wayar ya daidaita shi da kyamara da gilashi da batirin wannan samfurin, ya gwada, sannan ya turo. Idan ɗaya daga cikinsu ya tsaya, shi ke nan. Wayoyi masu araha da yawa da Android ɗin da suka zo da shi suke tsufa. Masu tsada sun fi samun gata: Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a 2023, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24 irin wannan alkawarin a farkon 2024.

Akwai kuma batun ƙarfin wayar. Akwai wani Android mara nauyi da ake kira Android Go, wanda aka yi don ƙananan wayoyi. Lokacin da ya fara fitowa, wayoyi masu RAM 1GB ko ƙasa da haka aka yi dominsu. Amma da aka kai Android 13, shi ma sai da 2GB. Wayar Kawu 1GB gare ta. Ko da an turo mata sabon, kaya ne da ya fi ƙarfin jaki.

Abubuwan da ba sa magani

Ku lura da nan, don a nan ne mutane suke asarar kuɗi.

Wani mai gyara ya ce wa Kawu ya kawo a yi wa wayar filashin. Da na tambayi Malam sai ya ce filashin da aka saba yi, mayar wa waya Android ɗin da kamfani ya yi mata ne. Mai 7.0 za ta dawo da 7.0, ga kuɗi sun tafi, ga hotuna da lambobi sun goge. Haka ma Factory reset, share kayan ciki kawai yake yi.

Yayana kuma ya turo sabon zubin manhajar daga wayarsa ta Xender. Muka danna, sai wayar ta ce:

```
There was a problem parsing the package.
```

Ashe ba Play Store kaɗai yake duba lambar ba, ita ma wayar tana karanta wancan layin kafin ta karɓi manhaja. Ko ta wace hanya aka shigo da ita, 24 ba za ta zama 26 ba.

Mafi haɗari shi ne sauke manhajar banki daga wani shafi da ba a sani ba, ko karɓar wadda aka ce an gyara ta don tsofaffin wayoyi. Wanda ya iya buɗe manhaja ya canja lambarta, zai iya saka abin da zai kwashe lambar sirrinka. Irin su GB WhatsApp ma ba na kamfanin ba ne, kuma kamfanin yana rufe layin masu amfani da su.

Yadda za ka gane matsalar da kanka

Kafin ka ce waya ta tsufa, karanta abin da aka rubuta. Idan Update yana nan, ka danna ya tsaya a Pending, yawanci sabis ne ko data, ko kuma wata manhajar ce take kan layi. Idan aka ambaci storage, wuri ne ya cika, goge bidiyo zai yi magani. Idan kuwa ka ga kalmar compatible, to duba Android version na wayar, ka duba Required OS na manhajar, ka haɗa su. Idan na wayar ya kai amma duk da haka ta ƙi, to wani abu ne daban manhajar take nema wanda wayar ba ta da shi, kamar yawan RAM ko irin ƙwaƙwalwa.

A kula kuma, wasu wayoyin suna nuna wata lamba kusa da ta Android, kamar HiOS a Tecno ko XOS a Infinix. Wannan kwalliyar kamfani ce da aka ɗora a kan Android. Layin da aka rubuta Android version shi ne abin dubawa.

Idan ya tabbata wayar ce ba ta kai ba, sai a gwada System update a wurin da sabis yake da ƙarfi, bayan an cika batir, domin wasu wayoyin sabon yana nan yana jira, ba a taɓa dannawa ba ne. Idan babu, a nemi wata hanyar yin aikin. Na banki akwai lambar tauraro da masu POS. Wasu manhajojin kuma suna da ƙananan zubi masu Lite a ƙarshen sunansu, kamar Facebook Lite, waɗanda suke karɓar tsofaffin wayoyi.

Yadda muka ƙare

Bayan sati biyu Kawu ya ce in raka shi Haɗeja ya sayi waya ta hannu. Mai shagon ya fito da guda biyu. Ɗaya babba ce mai ƙyalli da kyamara uku a baya, ɗaya kuma ƙarama, gefenta ma ya ɗan goge. Kawu har ya miƙa hannu kan babbar. Na ce, "Kawu, don Allah a bari in duba cikinsu tukuna." Babbar Android 8.1 ce, lamba 27, taki ɗaya kacal ta fi abin da bankin yake nema. Da zarar sun sake ɗagawa, mun koma gidan jiya. Ƙaramar kuwa Android 13 ce, lamba 33. Na kuma roƙi mai shagon ya bari mu sauke manhajar bankin a gabansa kafin a biya, ta sauka, ta buɗe. Ita muka ɗauka.

Kafin mu cire layi daga tsohuwar, sai da muka shiga Settings na WhatsApp, muka danna Chats, sannan Chat backup, don kada saƙonnin masu sayen shinkafa su ɓace. Tsohuwar wayar yanzu tana hannun kakata, tana kira da ita, tana jin rediyo, tana haska fitila idan dare ya yi. Waɗannan ba su taɓa tambayar lamba ba.

Tambayar wannan makon

Wata waya tana da Android 6.0. Manhaja ta farko tana neman lamba 21, ta biyu tana neman 23, ta uku tana neman 24. Guda nawa ne za su sauka, kuma wace ce za ta ƙi? Ku rubuta amsa da suna da aji, ku jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.